Asusun Mama na ƙarƙashin lema

A ƙarƙashin wata jar lema aka buɗe wa Mama asusunta na banki, a bakin kasuwar Bwari, tsakanin mai gasa masara da mai gyaran takalmi. Wasu 'yan mata biyu ne daga banki suka kafa tebur a wurin, suka ɗauki hotonta da waya, suka rubuta sunanta da lambar wayarta, ko minti goma ba a yi ba suka ce ta zama mai asusu. Ta dawo gida tana ta murna, ni kuwa na taɓe baki. A lokacin ina aikin sakatariya a wani ofis a cikin gari, albashina ta banki yake zuwa, ina ganin duk abin da aka yi a ƙarƙashin lema wasan yara ne.

Mama doya take sayarwa. Ba babbar dila ba ce, rumfa ɗaya gare ta da benci da wata tsohuwar wuƙa. Takan sari ƙwarya ɗaya, wato doya ɗari, ta kasa ta uku-uku ko biyar-biyar, ta sayar a cikin mako. Asusun nan na ajiya ne, wanda a kasuwa ake ce wa sebins, kuma shekara biyu yana yi mata aiki lafiya lau. Mai saye ya tura kuɗi, wayarta ta yi ƙara, ta miƙa wa maƙwabciyarta ta karanta mata. Ba ta taɓa sanin asusun yana da iyaka ba, domin cinikinta bai taɓa kai wa iyakar ba. Ni ma, da duk iyayina, ban sani ba.

Abin ya faru ne a farkon damina, lokacin da tsohuwar doya ta yi wuya, sabuwa kuma ba ta fito ba. Wata mata mai dafa abincin biki a Maitama, wadda kowa ke kira Madam, ta zo neman doyar sakwara ƙwarya uku. Ta zaga kasuwa ba ta ga wadda ta yi mata ba, sai a rumfar Mama ta yanka ɗaya ta duba, ta ce irin wannan take so. Wannan doyar kuwa ta wani dattijon Gbagyi ce daga wani ƙauye a bayan Bwari, mutumin da Mama ta yi shekaru tana sara a hannunsa. Ya iya ajiyar doya. Tasa takan kai damina ba ta yi baƙi ba, ba ta yi ɗaci ba, kuma a wannan makon ƙwarya uku cif suka rage masa, ya kawo su kasuwa ya jibge a bayan layin 'yan doya.

Mama ba ta da kuɗin ƙwarya uku, ko kusa. Sai aka yi yadda ake yi: Madam za ta turo kuɗin tun kafin kaya, Mama ta biya dattijon, ta riƙe ribarta, a loda doya ranar Asabar. Ranar Talata Mama ta ɗauki ɗan gwangwaninta na shuɗin fenti ta bi tulin doyar tana ɗiga alama a kan na sama-sama, yadda duk wanda ya zo zai san an kama kayan. Ina wurin da yamma dattijon ya yi mata magana, yana zaune a kan buhu, da Hausarsa ta mutanen ƙauyukan nan da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mama, kai ka san ni. Ruwa ya sauka, ban saya taki ba. Mota na Kudu zai zo Juma'a, in an sauko masallaci ya loda ya tafi. Zan riƙe maka har wannan lokaci. In ya wuce, kada ka ga laifina."

Mama ta ce, "Baba, ai yau ɗin nan ma za ka ji ni."

Ba mu bar wurin ba Madam ta kira. Ta tura kuɗi sau biyu, sau biyu suna dawo mata. Ta ce wayarta na nuna mata asusun ba zai iya ɗaukar wannan adadin ba. Na karɓi wayar na ce ta tura nawa asusun. Ta ce a'a, an taɓa yi mata haka, ta tura wa ɗan wata, uwar ta ce ba ta ga komai ba. Sunan da ke kan takardar ciniki, shi kaɗai take biya. Na rufe bakin wayar na ce wa Mama to a ba ta lambar dattijon ko ta wani nasa ta biya kai tsaye. Mama ta yi mini wani kallo.

"Ki haɗa mai saye da manomi? Gobe kuma ni in sayar da me, benci?"

Nan take na yanke hukunci, kuma da ƙarfi na yanke shi, a gaban matan layi. Na ce ai dama na faɗa, sebins asusun 'yan makaranta ne da masu tara kuɗin Kirsimeti. Mai kasuwanci na gaske asusun karent yake buɗewa, shi ne ba ya da iyaka, shi ne mai littafin cak, shi manya ke riƙewa. Matan suka yi ta gyaɗa kai, ɗaya ta ce, "Kai, boko da daɗi." Na ji daɗin wannan maganar har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Laraba da safe na nemi izini a ofis, muka tafi banki. Wani matashi ne a teburin karɓar jama'a, ya duba asusun a kwamfuta ya ce, "Mama, wannan ƙaramin mataki ne, shi ya sa."

Mama ta matso da kujera. "Ɗana, to shi wannan ɗin da nake da shi, ba a iya buɗe masa baki ya ɗauki da yawa?"

Ya buɗe baki zai amsa, na tare shi da Turanci. Na ce ba dogon bayani muka zo ji ba, karent muke so, ya ba mu fom. Na juya na ce wa Mama ƙasa-ƙasa ta bar ni in yi magana, kada ta sa a raina mu. Matashin ya dube ni, ya dubi layin da ke bayanmu, ya ɗaga kafaɗa ya zaro takardu. Ya lissafa abin da za mu kawo: katin ɗan ƙasa, lambar BVN, hotuna, takardar kuɗin wuta mai nuna adireshi. Sannan ya ɗora wasu fom guda biyu a sama. Ya ce sai mutum biyu masu karent, waɗanda suka daɗe da shi, sun sa hannu sun shaida sun san ta.

Na yi murmushi na ce ɗaya ta samu, ga ni. Ya tambayi irin asusuna, na faɗa. Ya ce na albashi ne, ofis ne ya buɗe mana, bankinsu ba ya karɓar irinsa a matsayin shaida. A gaban Mama ya faɗa. Ita dai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Muka koma kasuwa neman masu sa hannu. A duk layin doya da na hatsi da na kayan miya, ba mace ɗaya mai karent. Wannan kaɗai ya isa ya sa in tsaya in yi tunani, domin a cikinsu akwai waɗanda suka gina gida da sana'ar nan, amma ban tsaya ba. Muka shiga layin masu shaguna. Da zarar sun ga fom sai fuska ta canza. Su a saninsu duk wanda ya sa hannu a takardar banki ya tsaya wa mutum ne, in ya ci bashi ya gudu, kai za a kama. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa ba lamuni ba ne, shaida ce kawai ta sanin mutum. Wani mai shagon shinkafa da ya shekara goma yana gaisawa da Mama ya ce biro ɗinsa ya ƙare. Na miƙa masa nawa, ya ce ai kuma sai ya yi shawara da yayansa.

Wajen la'asar wani mai kayan gini, Inyamuri, wanda Mama ke zaɓar wa matarsa doya, ya karɓi fom ya karanta tun daga sama har ƙasa. Ya nuna mini wani layi da aka rubuta da manyan baƙaƙe, gargaɗi ne cewa akwai haɗari mutum ya gabatar da wanda bai sani sosai ba.

"Mama na san shi," ya ce. "Mama ba wahala." Ya sa hannu, ya buga hatimin shagonsa. Saura ɗaya.

Da za mu wuce ta bayan layi, dattijon ya ɗago kai. Mama ta ce, "Baba, saura kaɗan." Ya gyaɗa kai. Na ga wani mutum mai jar hula yana zagaya tulin doyar, yana ɗaga ɗaya yana auna nauyinta a hannu, yana kallon shuɗin fentin.

A gida Mama ta rasa inda za ta zauna. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Ribar ƙwarya ukun nan ta fi abin da take samu a wata biyu, amma ba ita ce ta fi damunta ba. Ta ce tun da take da dattijon nan ba ta taɓa sa alama a kayansa ta kasa ɗauka ba, kuma alama in ta faɗi sau ɗaya, ba ta ƙara tsayawa a kasuwa. Na ce ta kwantar da hankalinta, gobe za mu je wurin Kawu.

Kawu ƙanen Mama ne, direba ne a wani gida a Maitama. Ogansa babban ɗan kwangila ne, irin mutanen da ba a tambaya ko suna da karent. Na kira Kawu na faɗa masa. Ya ce, "Ku zo dai, amma kada ku buga ƙofa. Ku kira ni."

Alhamis muka kama hanya, mota biyu da tafiyar ƙafa, domin ba a barin acaɓa a unguwar. Mama ta ƙi zuwa hannu rabbana. Ta zaɓi doya biyar mafi kyau daga rumfarta ta ɗaure a buhu, ta ɗora a ka. Na ce ta bari, mutanen nan ba doya suka rasa ba. Ta ce ita ba a koya mata zuwa roƙo da hannu biyu a sake ba. Haka muka bi titunan nan masu shiru, ba mai talla, ba akuya, sai dogayen katangu da furanni da masu gadi suna bin mu da ido. Ni ina gaba da takalmi mai tsini da fayil, ita tana baya da buhu, kuma ina jin kunyar buhun. Yau in na tuna, kunyar kaina nake ji.

Kawu ya fito ya tsayar da mu a gindin wata bishiya nesa da ƙofa. Ya ce oga na da baƙi, mu jira. Muka jira tun hantsi har rana ta raba. Mai gadi ya tausaya ya miƙo wa Mama kujerar roba da ruwan leda. Madam ta kira sau biyu, ta ce, "Mama, yaya ne? In ba zai yiwu ba ki gaya mini, biki ba ya jira fa." Mama ta ce zai yiwu.

Can aka buɗe ƙofa, mota ta fito, Kawu ne ke tuƙi. Ya tsaya a gabanmu. Ya juya ya yi magana da ladabi, gilashin baya ya sauka rabi. Ogan ya karɓi fom ɗin, ya sa tabarau, ya karanta. Mama ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Bai yi mana wulaƙanci ba, gara ma da ya yi, da na samu wanda zan zaga a zuciyata. Cikin sanyin murya ya ce, "Mama, yau na fara ganinki. Takardar nan ta ce wanda na sani sosai. Ki yi haƙuri." Ya miƙo fom, ya dubi Kawu ya ce wani abu da Turanci a kan kawo 'yan uwa bakin ƙofa. Gilashi ya hau, mota ta tafi.

Mama ta miƙe ta kakkaɓe gwiwarta. Ta ba mai gadi buhun doyar ta ce a shigar wa uwargida, domin ba a komawa da abin da aka kawo. A hanya ban yi shiru ba, na zagi masu kuɗi, na zagi banki, na zagi mai shagon shinkafa da biro ɗinsa. Mama ta ce, "Sakatariya, ki adana bakin nan, gobe ma za ki buƙace shi." Tsoro ya kama ni sosai a ranar, domin na ga abin na neman kuɓucewa kuma ni na ja mu zuwa nan.

Juma'a tun kafin a buɗe banki muna bakin ƙofa. Niyyata in yi rigima har sai sun karɓi shaida ɗaya. Matashin nan ba ya nan, wata mata ce a teburin, babba, mai furfura a gaban goshi da tabarau rataye a wuya. Na fara zuba, ta bar ni na yi har na gaji. Sannan ta ce, ko da na kawo sa hannu biyu a yau, sai an aika bankunan masu shaidar sun tabbatar, kuma wannan kan ɗauki kwanaki. Ta kau da kai daga gare ni ta dubi Mama.

"Mama, me kike sayarwa?"

"Doya, 'yata."

"Kina biyan mutane da cak?"

"Ban ma taɓa riƙe shi ba."

"Kina da kamfani mai rajista? Ko kina so banki ya riƙa barinki ki ciri fiye da abin da kike da shi, ki biya daga baya?"

Mama ta ce Allah ya kiyaye. Ita dai kuɗin wata mata ne suka ƙi shiga, kuma manomi na jiranta zuwa saukowa daga masallaci.

Matar bankin ta cire hannu daga kan kwamfuta. Ta ce to ai ba karent ne maganin wannan ba. Asusun ajiya hawa-hawa ne. Wanda ake buɗewa a kasuwa da hoto da lambar waya shi ne na ƙasa, an sa masa iyakar abin da zai shiga a lokaci ɗaya da iyakar abin da zai zauna a ciki, saboda banki bai gama sanin mai shi ba. In aka kawo katin ɗan ƙasa da BVN da shaidar adireshi, sai a ɗaga shi zuwa na sama, iyakar ta tafi, lambar asusun ma ba ta canzawa. Ba a neman shaidar kowa.

Ta ci gaba, a hankali, kamar mai koya wa yaro ɗaura zani. Ta ce karent na mai rubuta cak ne, da mai kamfani, da wanda kuɗi ke shiga suna fita a hannunsa dare da rana yana neman banki ya san shi don lamuni. Ba ya haifar da komai, kuma duk kuɗin da ka fitar akwai ɗan abin da ake yanka na kula da asusu, har zuwa naira ɗaya a kowace dubu. Ga mai ribar doya uku-uku, wannan yankan ba wasa ba ne. Na ajiya kuwa ba a yi masa wannan yankan, har ɗan kuɗin ruwa yake kawowa, sai dai in an cira fiye da sau huɗu a wata, na watan ya faɗi. Ta yi dariya ta ce 'yar kasuwa dai kada ta sa rai da shi, amma ba ta yi asarar komai ba. Ranar da Mama ta fara kai wa otal-otal kaya da sunan kamfani, ta dawo, ita da kanta za ta buɗe mata karent.

Mama ta ce, "Wato a buɗe masa baki."

"Shi ke nan, Mama. Ba wanda ya gaya muku?"

Mama ba ta dube ni ba. Da ta dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Katin ɗan ƙasa na cikin fayil, BVN na cikin wayata. Takardar wuta ce babu, na bar ta a kan talabijin, domin duk hankalina na kan masu sa hannu. Na fita a guje na tare ɗan acaɓa, na ce in ya kai ni ya dawo da ni da sauri zan ninka masa. Na ɗauko, muka juyo, sai muka tarar an fara tare hanya ana shimfiɗa tabarmi don sallar Juma'a, dole muka zaga ta bayan gari. Na iso banki gumi ya jiƙa rigata, tsinin takalmi ɗaya ya karye. Matar ta cike abin da za ta cike, Mama ta dangwala yatsa, aka tura. Ta ce sai an amince daga sama, yakan ɗauki awa ɗaya, yakan fi.

Muka zauna a benci muna kallon agogon bango. Ta cikin gilashi muna jiyo huɗuba daga lasifika. Aka tayar da salla, aka idar. Na ga mutane sun fara wucewa da darduma a kafaɗa. A daidai nan matar ta ɗago hannu ta ce ya buɗe. Na kira Madam, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, na sake, sai a na huɗu ta ɗauka ta ce tana wurin masu kawo kujeru, mu ba ta minti kaɗan.

Sai wayar Mama ta yi ƙara. Dattijon ne. Na ji muryarsa da ƙarar mota a bayansa.

"Mama, mai mota ya tsaya a kaina. Kuɗi ya shigo?"

Na kama hannunta na matse. Na ce a kunnenta, "Ki ce sun shigo. Ki ce muna hanya. Minti goma ne fa, Mama!"

Ta zare hannunta. Ta ce, "Baba, ba su shigo ba tukuna. An gyara asusun, matar ta ce yanzu za ta turo."

"Tun Talata yanzu ne," ya ce. "To, Mama." Ya kashe.

Na tashi tsaye a tsakiyar banki na fara yi mata faɗa, har mai gadi ya leƙo. Na ce wace irin gaskiya ce wannan da za ta kashe mana ciniki. Ta ce in kuɗin suka sake dawowa fa? Ta sa mutum ya sallami mota da ƙarya, ya kwana da doya ba taki? Ta ce alamarta ce ta faɗi, bakinta bai faɗi ba, kuma ba za ta haɗa su biyun a rana ɗaya ba.

Bayan kamar minti ashirin alat ya shigo. Kuɗi masu yawa, irin waɗanda asusun nan bai taɓa gani ba, suka zauna daram. Muka kira dattijon, wayar na ta ƙara ba a ɗauka. Ba mu tsaya layin cirar kuɗi ba, muka ce a biya shi ta wurin masu POS na kasuwa. Acaɓa biyu muka hau, ina ta dukan kafaɗar nawa ina cewa ya ƙara wuta.

A mashigar kasuwa muka yi kiciɓis da motar tana fitowa, doguwa, an ɗaure ta da igiya. Sai da 'yan acaɓarmu suka rakuɓe suka ba ta hanya. Ta wuce mu a hankali, kusa har ina iya taɓa ta, mai jar hular nan na zaune a gaba. A saman kayan, ta tsakanin igiyoyi, ga shuɗin fentin Mama ɗigo-ɗigo.

Dattijon na zaune a kan buhunsa, gabansa fili sai ƙasa da ɓawo. Da ya hango mu ya miƙe. Mama ce ta fara gaishe shi, ta ce, "Baba, ka yi daidai. Allah ya sa taki ya yi albarka." Ya ce ya jira har mai mota ya kunna inji sau biyu. Ta ce ta sani. Matan layi duk suka duƙufa a kan kayansu, ba wadda ta ɗago, har da mai cewa boko da daɗi.

Mun zaga kasuwar ko za a haɗa ƙwarya uku daga wasu hannaye. Abin da ya rage duk ya yi tsada, rabi kuma ya fara baƙi a ciki, Mama ta ce ba za ta kai wa mutane wannan a biki ba. Ta kira Madam da kanta ta gaya mata. Ban ji abin da Madam ta ce ba, na dai ga Mama ta nisanta wayar da kunnenta tana cewa, "Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe." Da ta gama ta zauna a bencinta ta miƙo mini wayar.

"Ke kika iya. Mayar mata da kuɗinta."

Na zauna kusa da ita ina danna lambobin, idona ya cika har ba na gani sosai. Kuɗin suka fita lafiya, ba abin da ya tare su. Fom ɗin karent na kan cinyata, da sa hannu ɗaya da hatimin mai kayan gini. Mama ta ɗauki gwangwanin fentin da ke ƙarƙashin benci, ta danne murfinsa da tafin hannu, ta tura shi can ciki. Ina jira ta yi mini faɗa, ina ma so ta yi. Ta daɗe tana kallon inda doyar ta tashi, sannan ta yi magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ranar Laraba, da kin bar yaron nan ya gama maganarsa."

Wata mata ta tsaya tana tambayar kashi nawa, Mama ta tashi ta ɗauki wuƙarta.